Shekara goma sha biyu da hawan jini: nazarin lamarin wani ɗan kasuwa a Kano

Asalin majinyacin

Wanda wannan nazari ya shafa magidanci ne mai sayar da yadi a Kantin Kwari, kuma an sakaya sunansa da sunayen asibitocin da ya je. An haɗa bayanin daga katinsa na asibiti, da takardun gwajin da matarsa ta adana a cikin wata jaka, da kuma abin da shi da iyalinsa suka faɗa da bakinsu. Lokacin da aka fara gano hawan jininsa shekarunsa 44, nauyinsa kilo 88, ba ya shan taba, ba shi da ciwon suga. Mahaifinsa ya rasu bayan shanyewar ɓarin jiki, yayarsa kuma tana shan maganin hawan jini tun bayan haihuwarta ta ƙarshe. Yininsa yana ƙarewa ne a zaune a shago, abincin rana daga masu sayarwa a kasuwa yake ci, da daddare kuma yakan tsaya wajen mai tsire kafin ya shiga gida.

2012: awon farko

An auna jininsa a wajen gwajin lafiyar maniyyata aikin Hajji, aka samu 158/98. Aka ce ya huta ya dawo bayan mako guda, ya dawo aka samu 154/96. Lambar sama tana nuna ƙarfin da jini yake danna bangon jijiya lokacin da zuciya ta matse ta turo shi, ta ƙasa kuma tana nuna ƙarfin da ya rage lokacin da zuciya ta saki tana cika. Idan awo a asibiti ya kai 140/90 ko ya wuce, kuma aka maimaita shi a ranaku daban-daban aka samu haka, to hawan jini ya tabbata.

Sauran gwaje-gwajen wannan shekara duk lafiya suka fito. Fitsarinsa babu furotin, ƙarfin tacewar ƙodarsa kuma ya kai kusan 95, wanda shi ne na mutum mai lafiya a irin shekarunsa. Aka rubuta masa amlodifin miligiram 5, ƙwaya ɗaya kullum, aka ba shi na wata guda. Ya sha har ya gama aikin Hajji, da ya dawo gida maganin ya ƙare, bai sake saye ba. Dalilin da ya bayar daga baya shi ne, babu abin da yake masa ciwo a lokacin, kuma a tunaninsa an ba shi maganin ne saboda wahalar tafiya.

2013 zuwa 2016: shan magani idan kai ya yi ciwo

A waɗannan shekaru ya ɗauki ciwon kai a matsayin ma'auninsa. Duk ranar da ƙeyarsa ta yi nauyi sai ya je kemis a auna shi, idan an ce jinin ya hau ya sayi ƙwayoyi na kwana biyar ko na mako, da kan ya lafa sai ya ajiye. Ya gwada zoɓo marar suga, ya gwada tafarnuwa da zogale, ya kuma sha wani jiƙo da abokin kasuwancinsa ya kawo masa. Saboda ciwon baya da zaman shago ya jawo masa, ya saba da shan diklofenak kusan kowane mako, wani lokaci kwana uku a jere. Wannan magani da danginsa irin su ibufurofen suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna ƙara hawan jini, suna kuma rage jinin da yake isa cikin ƙoda.

Abin da yake faruwa a jiki a irin wannan lokaci ba ya zuwa da zafi. Zuciya tana bugawa kimanin sau 100,000 a rana, kuma kowane bugu yana dukan bangon jijiyoyin jini da ƙarfin da ya wuce wanda aka halicce su su ɗauka. Ƙananan jijiyoyi suna kare kansu ta hanyar ƙara kaurin bango, sai ramin da jini yake bi ya tsuke, bangon kuma ya taurare ya daina miƙewa. Gaɓoɓin da suka fi cutuwa su ne waɗanda aikinsu ya dogara ga irin waɗannan siraran jijiyoyi, wato ƙoda da bayan ido da can cikin ƙwaƙwalwa, sai kuma ita zuciyar da aka ɗora wa aikin tura jini ta hanyar da ta tsuke.

A watan Agusta na 2016 zazzaɓin cizon sauro ya kai shi asibiti, aka auna aka samu 172/104. Gwajin fitsari na tsinken takarda ya nuna furotin, alama ɗaya. Kiriyatinin ɗinsa, wato dattin da ƙoda take fitarwa wanda ake aunawa a jini, ya kai 115, adadin da bai fita daga iyakar da takardar ɗakin gwajin ta rubuta a matsayin lafiya ba. Amma idan aka lissafa shi da shekarunsa, ƙarfin tacewar ƙodarsa ya sauko zuwa kusan 68. Zazzaɓi kansa yana iya sa furotin ya fito a fitsari na ɗan lokaci, saboda haka likita ya ce a maimaita gwajin bayan ya warke, ya kuma rubuta masa wani maganin hawan jini mai suna lisinofiril. Bayan mako uku da fara sha sai busasshen tari ya kama shi, yana hana shi barci. Tarin sananniyar illa ce ta wannan magani, kuma akwai wanda ake musanya shi da shi, amma bai koma ya faɗa ba. Ya daina sha, tarin ya tafi, gwajin fitsarin kuma ba a maimaita ba.

Ƙoda guda tana ɗauke da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, kowanne dunƙulen siraran jijiyoyi ne da jini yake bi a tace shi, kuma su biyun suna tace kusan lita 180 na ruwa a rana kafin su mayar da mafi yawansa cikin jiki. Idan jini ya riƙa shiga matatan da ƙarfi, sai su fara yoyon furotin da ya kamata ya zauna a jini, daga nan su yi tabo su mutu ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rage sai su ƙara aiki su rufe gurbin, shi ya sa kiriyatinin yakan zauna kusa da lafiya har sai an yi asarar kaso mai yawa, wani lokaci kusan rabi. Ƙodar da ta lalace kuma tana riƙe gishiri, tana sakin sinadaran da suke ƙara hawan jini, sai ciwon biyu su riƙa ciyar da juna.

2019: ido

Wata safiya a watan Oktoba na 2019 ya tashi ya ga idonsa na hagu ya yi hazo, sashen ƙasa na abin da yake kallo ya dushe, kuma babu zafi ko ja. Ya ɗauka tabarau ɗin karatun da ya saya a bakin titi ne ya yi masa rauni, ya canza wani, bai ga sauyi ba. Bayan kwana tara ya je asibitin ido, aka ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido aka leƙa ciki.

Bayan ido shi ne wuri guda a jiki da likita yake iya ganin ƙananan jijiyoyin jini kai tsaye ba tare da tiyata ba. A idanunsa biyu an ga jijiyoyin da suke kawo jini sun sirance, kuma a inda suka gitta jijiyoyin da suke mayar da jini sun danne su. A idon hagu ɗaya daga cikin waɗannan mahaɗai ta toshe gaba ɗaya, jini ya taru a bayanta ya fashe ya zuba a kan shimfiɗar da take karɓar haske, tsakiyarta kuma ta kumbura. Sirancewar da dannewar sun ɗauki shekaru suna faruwa ba tare da sun taɓa ganinsa ba, sai ranar da jijiyar ta toshe sannan ya san da su. Awon jininsa a wannan rana 186/112 ne.

Likitar idon ta ce masa: "Alhaji, abin da na gani a idonka yana nan a ƙodarka da ƙwaƙwalwarka, don jijiyoyin iri ɗaya ne. Ina roƙonka ka ga likitan hawan jini a cikin makon nan." Wannan karon ya ji tsoro, ya je, aka ɗora shi a kan amlodifin miligiram 10. Ya sha wata biyar ba fashi, awon ya sauko zuwa 156/96, bai kai inda ake so ba, ga shi kuma idon sawunsa ya fara kumbura da yamma, wanda illa ce da aka san maganin da ita a wannan adadi. Likita ya shirya ƙara masa magani na biyu da yin gwajin ƙoda a zuwa na gaba. Sai aka rufe gari a watan Afrilu na 2020 saboda annobar korona, azumi kuma ya shigo a cikin kwanakin, kasuwa ta tsaya, maganin ya ƙare. Da aka buɗe gari bai koma ba, don hazon idon ya ɗan ragu, kumburin ƙafar kuma ya tafi da daina shan ƙwayar.

2021: zuciya da fitsarin dare

A tsakiyar 2021 yaran shagonsa suka lura yana tsayawa ya huta a tsakiyar benen da a da yake hawa da bandir ɗin yadi a kafaɗa. Matarsa kuma ta lura ya ƙara matashin kai daga ɗaya zuwa biyu, daga baya uku, wani dare ma yakan farka yana haki ya buɗe taga ya zauna a bakin gado kafin numfashin ya daidaita. A kemis aka ce sanyin ƙirji ne, aka ba shi maganin tari da maganin kashe ƙwayoyin cuta har sau biyu, babu abin da ya sauya.

Zuciya tsoka ce, kuma tsokar da aka ɗora wa nauyi kullum tana ƙara kauri. Ɗakin hagu na ƙasa, wanda yake tura jini zuwa dukkan jiki, shi ne yake ɗaukar wannan nauyi, sai bangonsa ya yi kauri ya taurare. A farko kaurin yana taimaka masa ya ci gaba da turawa, shi ya sa mutum ba ya jin komai na tsawon shekaru. Amma bango mai tauri ba ya sakin jiki ya cika da jini tsakanin bugu da bugu, sai jinin da yake zuwa daga huhu ya yi cunkoso a baya, ruwa ya fara tsattsafowa cikin huhu. Idan mutum ya kwanta, ruwan da ya taru a ƙafafu da rana yana komawa ƙirji, cunkoson ya ƙaru, daga nan ne haki a kwance da ƙarin matashi suke fitowa.

A wannan shekarar kuma ya fara tashi fitsari sau uku ko huɗu a dare, fitsarin yana yin kumfar da ba ta saurin bajewa. Ya yi zargin ciwon suga, ya auna, aka ce sugansa lafiya, sai hankalinsa ya kwanta. Ƙoda mai lafiya tana tattara fitsari da dare ta rage yawansa don mutum ya samu barci, kuma wannan ikon yana cikin abubuwan da take rasawa idan ta lalace. Kumfar kuwa furotin ne ya yawaita har ido yana ganinsa.

Fabrairu 2022: ƙwaƙwalwa

Yana karyawa da safe sai kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na dama, ya yi ƙoƙarin kiran ɗansa maganar ta fito a cakuɗe. Ɗan ya ce: "Baba, mu tafi asibiti." Kafin a fito da mota, cikin kamar minti ashirin, hannun ya dawo, maganar ta warware, sai ya ce gajiya ce da rashin barci, ya tafi kasuwa. Irin wannan shanyewa da take zuwa ta wuce tana nufin wata jijiya a ƙwaƙwalwa ta toshe na ɗan lokaci sannan ta buɗe, kuma haɗarin cikakkiyar shanyewa ya fi yawa a kwanakin farko da suka biyo bayanta.

Bayan kwana tara ya tashi sallar Asuba ya kasa ɗaga ƙafar dama, hannun dama ya saki, baki ya karkace. Iyalin suka fara da tofi da shafa mai suna jiran abin ya wuce kamar na farko, sai bayan La'asar aka kai shi asibiti, kimanin awa goma sha ɗaya da ganin alamar. Allurar da take narkar da gudan jini tana aiki ne idan an yi ta cikin awa huɗu da rabi na farko, a wuraren da ake da ita, saboda haka zancenta bai taso ba. Awon jininsa 204/116 ne.

An yi masa hoton ƙwaƙwalwa kafin a ba shi asfirin, domin shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce, ta toshewar jijiya da ta fashewarta, kuma alamominsu a waje suna kama, alhali asfirin yana taimakon ta farko yana iya ƙara ta biyu. Hoton bai nuna zubar jini ba. Ya nuna ƙaramin wuri da ya mutu can ciki a ɓangaren hagu, inda wayoyin da suke sarrafa hannu da ƙafar dama suke bi a cunkushe, ya kuma nuna wasu ƙananan tabo guda biyu tsofaffi da bai taɓa sanin ya yi su ba. Jijiyoyin da suke ciyar da wannan yanki sirara ne ƙwarai, suna fitowa kai tsaye daga manyan jijiyoyi, suna karɓar ƙarfin jinin ba tare da wani abu ya rage shi ba, kuma babu wata hanya ta biyu da jini zai bi idan ɗaya ta toshe. Da aka tambayi matarsa, ta ce kusan shekara biyu ke nan yana mantuwar lissafin bashi, abin da a da yake riƙewa a ka.

Abin da sauran gwaje-gwaje suka nuna

Hoton zuciya ya nuna kaurin bangon ɗakin hagu ya kai milimita 15, alhali na mai lafiya ba ya wuce 11. Ƙarfin matsewar zuciyar yana nan, matsalar a wajen cika take. Kiriyatinin ya kai 212, ƙarfin tacewar ƙoda ya sauko zuwa kusan 31, furotin a fitsari alama biyu, hoton ciki kuma ya nuna ƙodojin biyu sun ƙanƙance sun gaza santimita 9, inda na babban mutum yakan kai 10 zuwa 12. Daga 68 a 2016 zuwa 31 a 2022, ya riƙa asarar kimanin maki shida zuwa bakwai a kowace shekara. Idan ƙarfin tacewa ya gaza 15 ne ake shiga matakin ƙarshe, inda ake fara zancen wankin ƙoda, kuma a nan ne galibi tashin zuciya da ƙaiƙayin jiki da rashin cin abinci da kumburin fuska suke bayyana. Shi bai kai ga ko ɗaya daga cikinsu ba.

2022 zuwa 2023: maganin da aka bi

A kwanakin farko likitoci ba su yi gaggawar saukar da jinin ba, abin da ya tayar wa iyalin hankali har ɗan ya je ya tambaya. Aka bayyana masa cewa yankin da yake kewaye da wurin da ya mutu yana rayuwa ne da ɗan jinin da yake samu, kuma ƙwaƙwalwar da ta saba da awo mai yawa tana iya rasa wannan jinin idan aka saukar da shi farat ɗaya. Bayan an tabbatar yana iya haɗiya ba tare da shaƙewa ba, aka fara ba shi asfirin da maganin rage kitsen jini, aka fara motsa masa gaɓoɓi tun yana kan gado, sannan aka shigo da magungunan hawan jini a hankali.

Magani uku aka haɗa masa, kowanne da aikinsa. Amlodifin miligiram 10 yana buɗe jijiyoyi. Losatan, wanda aka fara da miligiram 50 aka kai 100, yana rage ƙarfin jinin da yake cikin matatan ƙoda, yana rage yoyon furotin, kuma ba kasafai yake kawo tarin da ya sa shi barin lisinofiril ba. Furosemid miligiram 40 da safe yana fitar da ruwan da ya taru, an kuma zaɓe shi ne saboda magungunan fitar da ruwa masu sauƙi suna raguwa da ƙarfi idan ƙoda ta yi rauni irin haka. Mako biyu da fara losatan kiriyatinin ya tashi zuwa 236, fotasiyam, wani sinadari a jini da ƙoda take fitar da rararsa, ya kai 4.9. Likita bai dakatar da maganin ba, don tashin da bai wuce kashi 30 cikin 100 ba abu ne da ake tsammani idan ƙarfin jini a cikin matatan ya sauka, aka maimaita gwajin bayan wata guda aka ga ya tsaya.

An hana shi diklofenak da danginsa gaba ɗaya, aka bar masa farasitamol don ciwon baya. An hana shi jiƙo da duk wani haɗi da ba a san abin da yake ciki ba. A kicin matarsa ta rage dunƙulen ɗanɗano daga huɗu zuwa ɗaya a tukunyar miya, ta daina sa kanwa a nasa abincin, ta ɗauke gishiri daga wurin cin abinci, aka kuma riƙa kai masa abincin rana daga gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda yake cikin dunƙule da yajin tsire da burodi. Wani ɗan'uwa ya kawo masa gishirin da ake sayarwa don masu hawan jini, likita ya hana, saboda fotasiyam ne a cikinsa, kuma mai raunin ƙoda da yake shan losatan ba ya iya fitar da shi yadda ya kamata, yawansa a jini yana iya rikita bugun zuciya.

An sayi injin awo irin na damtse, matarsa ta buɗe littafi tana rubuta awon safe da na dare, ana yin sa a zaune bayan hutun minti biyar, ko kansa yana ciwo ko ba ya yi. An ɗaure shan maganin da sallar Asuba don kada a manta, ɗan kuma ya ɗauki nauyin sayen na wata mai zuwa tun saura mako guda na hannu ya ƙare. A littafin akwai ranar da aka rubuta 168/100 alhali ya ce garau yake jinsa, akwai kuma ranar da ya yini da ciwon kai awon yana 134/84. Bayan wata uku matsakaicin awonsa ya zama 138/86, bayan wata shida 128/80. Da azumin 2023 ya zo likita ya ba shi shawarar kada ya yi, saboda ƙishirwar yini tare da maganin fitar da ruwa tana iya durƙusar da ƙodar, ya tambayi malaminsa, ya ciyar a madadin azumin.

2024: halin da yake ciki

Shekara biyu bayan shanyewar, hoton zuciya ya nuna kaurin bangon ya ragu zuwa milimita 13, yana kwana da matashi ɗaya, hakin dare ya tafi. Furotin a fitsari ya sauko zuwa alama ɗaya. Ƙarfin tacewar ƙoda yana kusan 28, wato ya rasa maki uku a shekara biyu, kuma mafi yawan wannan raguwa a makonnin farko na losatan ta faru. Yana tafiya masallaci ba sanda, amma yana ɗan jan ƙafar dama, yatsun hannun dama kuma ba sa iya ƙirga kuɗi ko ɓalle maɓalli da sauri. Idon hagu bai dawo daidai ba, yana karatu da na dama. Ya koma shago, sai dai lissafin yana hannun ɗansa.

Abin da lamarin ya nuna

A kowace gaɓa daga cikin huɗun nan akwai alamar da ake aunawa da alamar da ake ji, kuma tazarar da take tsakaninsu shekaru ce. Furotin ya fito a fitsarinsa a 2016, fitsarin dare da kumfa sai a 2021, alamomin gazawar ƙoda na sosai kuwa har yanzu ba su zo ba duk da ya rasa fiye da kashi biyu cikin uku na aikinta. Bangon zuciyarsa bai kai milimita 15 a cikin 'yan watannin da ya yi yana haki ba. Tabo biyu na ƙwaƙwalwa sun riga faɗuwar kofin shayi. Haki a kwance, da dushewar ido, da kumfar fitsari, da sakin hannu, duka suna zuwa ne bayan gaɓar ta ƙare abin da take da shi na jurewa, saboda haka wanda ya jira su ya jira ƙarshen labari ne. Ciwon kan da ya dogara da shi kuwa, littafin matarsa ya nuna ba ya tafiya tare da awon.

Abubuwan da ya gwada kafin 2022 sun gaza ne saboda dalilai da ake iya nunawa da yatsa. Shan magani na kwana biyar yana saukar da awo na kwana biyar, alhali ɓarnar tana taruwa ne daga nauyin kowace rana. Zoɓo yana iya rage awo kaɗan, amma ba zai sauko da 172 zuwa 130 ba. Sau biyu ya bar magani saboda illar da take da mafita, tari da kumburin ƙafa, kuma a duka biyun ba a shirya masa tun farko cewa hakan na iya faruwa ya dawo a canza ba. A nan ina ganin nauyin bai tsaya a kansa shi kaɗai ba, domin mutumin da aka miƙa wa takardar magani ba tare da an gaya masa cewa na tsawon rai ne ba, zai yi da ita abin da yake yi da maganin zazzaɓi. Magani guda ɗaya ma ba kasafai yake isar wanda awonsa ya kai irin na 2016 ba, yawanci sai an haɗa biyu ko uku.

Abin da ya yi aiki daga baya ba sabon magani ba ne, duk ukun suna nan a kantunan magani na Kano tun ranar awonsa na farko. Bambancin shi ne an haɗa su, an sha kullum, an cire abin da yake cutar da ƙoda, an kuma mayar da hukunci hannun injin awo da littafi. Sakamakon ya bi yanayin kowace gaɓa: tsokar zuciya tana iya rage kauri idan an sauke mata nauyi, shi ya sa ta fi samun sauƙi, amma matatar ƙoda da ta yi tabo da wurin da ya mutu a ƙwaƙwalwa ba sa sake tsirowa, iyakar abin da magani ya yi shi ne kare ragowar.

Damar da ta fi zafi a rasa, a ganina, ita ce ta Agustan 2016, lokacin da ƙarfin ƙodarsa yake 68, idonsa da ƙwaƙwalwarsa ba su nuna komai ba, kuma abin da ake bukata shi ne maimaita gwajin fitsari da musanya ƙwaya ɗaya da wata. Ta biyu ita ce kwana taran da suka shiga tsakanin faɗuwar kofi da shanyewar, waɗanda da an kai shi asibiti a cikinsu da an yi hoto, an fara asfirin, an fara saukar da jinin. A yanzu yana zuwa asibitin ƙoda duk bayan wata uku, ana duba kiriyatinin da fotasiyam da yawan jininsa, ana kuma leƙa bayan idonsa sau ɗaya a shekara, kuma likitan ya riga ya zauna da shi da ɗansa ya bayyana musu abin da wankin ƙoda yake nufi idan adadin ya gangaro kusa da 15.